Darbejiya ɗaya, amsa huɗu: darasin auna tsawon bishiya da inuwarta

A littafin lissafi na aji uku na ƙaramar sakandare, bishiya layi ce miƙaƙƙe, inuwarta ma layi ce, ƙasa kuma shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma. Yaro ya ninka, ya raba, amsa ta fito. Bishiyar da ke tsakar makaranta ba ta san da wannan zane ba. Abin da ke tafe bayanin darasi ɗaya ne da na yi da 'yan aji uku a wata makarantar je-ka-ka-dawo a ƙasar Kano, a tsakiyar watan Fabrairu, inda muka fita auna wata tsohuwar darbejiya da ke gabas da jerin azuzuwa. Rukuni huɗu suka auna, suka kawo amsa huɗu, kuma wadda ta fi kusa da gaskiya ita ce wadda aka fi yin kuskure wajen samo ta.

Tushen aikin ba shi da wuya. Rana tana nesa da mu da kimanin kilomita miliyan 150, saboda haka hasken da ke sauka kan bishiya da wanda ke sauka kan sandar da aka kafa kusa da ita duk a karkace ɗaya suke zuwa. Sanda da inuwarta da hasken da ya ratsa kanta sun yi alwatika. Bishiya da inuwarta da hasken da ya ratsa ƙololuwarta sun yi wata alwatikar. Kowace tana da kusurwa mai digiri 90 a gindi, kuma kusurwar da haske ya yi da ƙasa ɗaya ce a duka biyun, don haka siffarsu ɗaya, girma ne kawai ya bambanta. Idan sanda ta kai kashi huɗu cikin biyar na inuwarta, bishiya ma haka take da tata inuwar. Abin da na rubuta musu a allo kafin mu fita ke nan:

tsawon bishiya = inuwar bishiya × tsawon sanda ÷ inuwar sanda

Da fitilar kan titi wannan ba zai yiwu ba, domin fitila tana kusa, haskenta bazuwa yake yi. Wannan na faɗa musu a taƙaice na wuce.

Kayan aiki kuwa gora ce mai tsawon mita 2 ga kowane rukuni, da zare da aka ɗaura wa ƙaramin dutse don a ga ko gorar ta tsaya sak, da tsinke na sa alama a ƙasa. Tef ɗin awo mai mita 30 guda biyu kawai muka samu, aro daga wani magini, wato rukuni biyu sai sun jira. Wannan jiran shi ya haifar da rabin labarin.

Da ƙarfe 9:40 na safe inuwar gora ta kai mita 2.50. Inuwar darbejiya ta kwanta wajen yamma, ta ɗan karkata arewa, a fili mai yashi, babu tudu babu kwari. Na bar su suka yi aikinsu ban tsoma baki ba, ina dai rubuta lokacin da kowane rukuni ya ja tef. Da muka koma aji, ga abin da ya hau allo: rukunin farko mita 13.7, na biyu 12.2, na uku 15.6, na huɗu 21.4.

Gano kuskuren na huɗu bai ɗauki lokaci ba. Awonsu lafiya lau, inuwar bishiya mita 17.1, ta gora 2.50, sai dai sun juya lissafin: sun ninka da 2.50 sun raba da 2. Ban nuna musu inda suka juya ba. Na tambaye su, tsakanin gora da inuwarta wa ya fi tsawo? Suka ce inuwa. To tsakanin bishiya da inuwarta fa? Nan wata yarinya ta ce, "Malam, ai bishiyarmu ta fi inuwarta, ba zai yiwu ba." Wannan tambayar ta fi duk wata dabarar haddace wace lamba ke sama wace ke ƙasa, domin yaro zai iya yi wa kansa ita a ɗakin jarrabawa. Suka gyara, suka samu 13.7.

Na uku kuwa gajiya suka yi da riƙon gora, suka caka ta cikin yashi don ta tsaya da kanta. Dabara ce mai kyau, har ta fi riƙo da hannu, tunda hannu rawa yake yi. Amma santimita 25 na gorar sun shige ƙasa, abin da ya rage a sama mita 1.75 ne, inuwarsa 2.19, su kuma suka ci gaba da sa mita 2 a lissafi. Abin da ke cikin ƙasa ba ya inuwa. Da suka sa 1.75 a gurbin 2, su ma 13.7 ta fito.

To, rukuni uku sun haɗu a kan 13.7, ajin ya ɗauka magana ta ƙare, saura a gano laifin rukuni na biyu. Laifin nasu ma a fili yake cikin takardata. Sun auna inuwar gora da ƙarfe 9:40 tare da kowa, amma tef bai zo hannunsu ba sai ƙarfe 10:00, lokacin suka auna inuwar bishiya suka samu mita 15.2. Rana tana tafiyar digiri 15 a sararin sama cikin kowace awa, kuma da hantsi inuwa tana ja da baya da sauri fiye da yadda ido ke zato. A cikin waɗannan mintuna 20 inuwar gora ta sauko daga 2.50 zuwa 2.14. Sun haɗa gorar wani lokaci da bishiyar wani lokaci, alwatikan biyu ba su da kusurwa ɗaya, kamannin ya rushe. Maganin wannan sauƙi gare shi: ba awo ake yi a lokaci ɗaya ba, alama ake sawa a lokaci ɗaya. Ɗaya ya tsaya a bakin inuwar gora, ɗaya a bakin inuwar bishiya, a tafa hannu, kowa ya caka tsinkensa. Daga nan ko tef ya yi awa guda bai zo ba, tsinke ba ya tafiya.

Da yake na auna inuwar gora da kaina da ƙarfe 10:00, sai na ba su lambar 2.14 na ce su gyara. Kowa na jiran 13.7. Suka ninka 15.2 da 2, suka raba da 2.14, sai ga 14.2.

Inda darasin ya fara ke nan a wurina. Bambancin rabin mita ne, kuma da sauƙi malami ya ce ai kuskuren tef ne, a wuce. Ba kuskuren tef ba ne. Gefen inuwar abu mai tsawo ba ya fita tsaf, saboda rana ba ɗigo ba ce, faɗinta a ido ya kai kusan rabin digiri, ga kuma ɗan hazon da bai gama wucewa ba a Fabrairu. Wannan dushewar za ta iya cin santimita 20 ko 30 a bakin inuwar bishiya irin wannan, wato kimanin santimita 20 a amsa. Ba za ta kai rabin mita ba. Kuma da wasu yara suka leƙa wajen ƙarfe goma da rabi suka sake gwadawa da tafi da tsinke, amsar ta ƙara hawa. Bishiya dai ba ta girma da rabin mita cikin mintuna 20. Idan amsa tana hawa yayin da rana ke hawa, to abin da ake aunawa ba inuwar ƙololuwa ba ce.

Darbejiya ba giginya ba ce. Kanta faɗi gare shi, kuma wannan tana da wani babban reshe da ya miƙa yamma, daidai wajen da inuwa ke kwanciya da safe. Muka fita muka tsaya a ƙarƙashinsa, muka sa alama a ƙasa daidai bakin ganyensa, muka auna zuwa tsakiyar gindi: mita 4. Wato bakin inuwar da kowa ya ruga ya caka wa tsinke, inuwar wannan reshen ce. Reshen bai kai ƙololuwa tsawo ba, amma ya riga ta da mita 4 wajen yamma, sai inuwarsa ta zarce tata, ita kuma ta ƙololuwa ta nutse cikin duhun ganye inda babu mai ganinta. Alwatikar reshen ba daga gindin bishiya ta fara ba, daga ƙasan reshen ta fara. Idan aka cire 4 daga 17.1 saura 13.1, a ninka da 2 a raba da 2.50, ya ba da kusan mita 10.5. A gwada da awon ƙarfe goma: 15.2 a cire 4 saura 11.2, a ninka da 2 a raba da 2.14, shi ma kusan 10.5. Amsoshin biyu da suka ƙi haɗuwa sun haɗu. Mun samu tsawo na gaskiya, amma na reshe, ba na bishiya ba.

Wannan matsala tsohuwa ce. Ana ba da labarin cewa Talis, masanin Girka mutumin Militus wanda ya rayu kimanin shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, ya auna tsawon dalar Masar da inuwarta. Duk wanda zai yi haka dole ya tuna cewa wurin da ke ƙarƙashin ƙololuwar dala yana can tsakiyar ginin, tef ba ya isa gare shi. Babbar dalar Giza kowane gefe nata a ƙasa kimanin mita 230 ne, don haka idan inuwa ta fita daidai ta tsakiyar gefe ɗaya, sai an ƙara mita 115 a kan abin da ido ya gani. A bishiya ma akwai ƙaramin irin wannan: tef daga jikin ɓawo yake farawa, alhali alwatika daga tsakiyar gindi take farawa. Mun zagaya gindin da tef muka samu mita 1.9, wato daga ɓawo zuwa tsakiya kimanin santimita 30, kuma tun farko na sa kowane rukuni ya ƙara wannan a awonsa. A gini mai miƙaƙƙen bango abin ya fi sauƙi, sai dai a kula da bakin kwanon rufi da ya leƙo waje: inuwarsa ce a ƙasa, don haka daga ƙarƙashinsa ake fara awo, ba daga jikin bango ba.

Saura ƙololuwa. Washegari muka bi ta hanya biyu.

Ta farko, mu zo da wuri. Idan rana tana ƙasa, kowace mita ta tsawo tana jefa inuwa mai nisa, har fifikon ƙololuwa ya cinye mita 4 ɗin da reshe ya riga ta da su. Da ƙarfe 8:15, bayan an tashi daga taron safe, inuwar gora ta kai mita 5.60. Sai dai inuwar darbejiya ta ratsa fili ta isa bangon aji, ta hau shi. Yara suka ce shi ke nan, bango ya ɓata aiki. Bai ɓata ba. Daga tsakiyar gindi zuwa bango mita 28 ne, kuma kan inuwar ya hau bango da mita 2 daidai. Hasken da ya ratsa ƙololuwa ya yi tafiyar mita 28 yana saukowa, kuma gora ta gaya mana cewa a kowace mita 5.60 yana saukowa da mita 2. A mita 28 ya sauko da mita 10 ke nan. Da ya iso bango saura mita 2 ya taɓa ƙasa. Goma da biyu, sha biyu. Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne a haɗa 28 da 2 a ce inuwa mita 30 ce, a shigar da ita lissafi, a samu 10.7. Inuwar da ke kan bango tsaye take, tsawo ce tuni, ƙara ta ake yi a ƙarshe ba tare da an ninka ta da komai ba. Amma awon sassafe yana da nasa rauni: inuwa tana gudu sosai a lokacin, bakinta kuma ya fi dushewa, ga shi har yanzu inuwar reshe tana gab da ta ƙololuwa. Shi ya sa ban yarda mu tsaya a kansa shi kaɗai ba.

Ta biyu ba ta bukatar inuwa sam, ko ranar da hadari ya rufe za a iya yin ta. Ana ajiye madubi a ƙasa, mutum ya ja da baya har ya hango kan bishiya a cikinsa. Haske yana barin madubi da irin kusurwar da ya sauka a kansa, saboda haka an sake samun alwatika biyu masu siffa ɗaya: ƙarama daga idon mai kallo zuwa ƙafarsa zuwa madubi, babba daga ƙololuwa zuwa gindi zuwa madubi. Fa'idarta a kan inuwa ita ce kai ke zaɓar abin da kake aunawa, kana ganinsa da idonka. Muka zagaya kudu da bishiyar, inda aka taɓa sassare rassa, ƙololuwa tana fitowa fili, rana kuma tana bayanmu ta dama, ba za ta faɗo cikin madubi ta shiga idon yaro ba. Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne, kada a taɓa sa yaro ya fuskanci wajen rana da madubi a gabansa.

Matsalar madubi ita ce kwanciya. A yashi da wuya ya kwanta daidai, kuma idan ya karkata da digiri ɗaya tak, hasken da ya dawo yana karkata da digiri biyu. A nisan da muka tsaya, wannan kusan mita guda ce a amsa, daga karkatar da ido ba zai gani ba. Saboda haka muka ajiye madubin muka ɗauko ƙaramin kwano mai baƙin ciki muka cika shi da ruwa. Ruwa shi ke daidaita kansa ko ƙasa ta karkata. Iska kawai ake jira ta lafa.

Muka ajiye kwano mita 20 daga tsakiyar gindi. Yarinyar da ta tsaya, daga ƙasa zuwa idonta mita 1.50 ne, kuma zuwa ido ake aunawa, ba zuwa saman kai ba. Ta ja da baya a hankali, jiki a miƙe, har ganyen can sama ya zo tsakiyar kwano, ta ce, "Malam, ga shi nan." Aka saki zaren dutse daga gefen idonta aka sa alama inda ya sauka, domin mai kallon ƙasa yakan sunkuya ba tare da ya sani ba, idonsa ya wuce yatsun ƙafarsa. Daga alamar zuwa tsakiyar kwano mita 2.50. A ninka 20 da 1.50 a samu 30, a raba da 2.50, mita 12. Ta koma ta sake tahowa sau biyu, aka samu 2.45 da 2.55, wato 12.2 da 11.8. A lura da yadda santimita 5 a ƙaramar alwatika ta zama sama da santimita 20 a babba. Duk kuskuren da aka yi a ƙarama, ninka shi ake yi, shi ya sa gora mai mita 2 ta fi rula, kuma shi ya sa kulawar da yara ke kai wa dogon awo ya kamata su kai ta ga gajeren.

Hanya biyu da ba su dogara da juna ba sun ba da 12. Sai aka waiwayi allo, inda amsar rukuni na biyu ta farko, 12.2, take nan ba a goge ba. Murna ta kaure, wani daga cikinsu ya miƙe ya ce, "Malam, ashe mu ne daidai tun jiya." Na ce su bi sawun lambar. Reshe ya ƙara musu, jinkirin tef ya rage musu, ƙarin da ragin suka kusa cinye juna. Da tef ya iso su da mintuna goma kafin haka, ko bayan haka, da wata lamba daban suka kawo. Maki na awon farko na ba rukunin farko mafi yawa duk da 13.7 ɗinsu, domin komai nasu a rubuce yake, da lokaci da wurin da suka sa tsinke, kuma da takardarsu muka gano reshen. Wannan hukuncin bai yi wa kowa daɗi ba.

Wani yaro, ɗan ladan, ya kawo shawarar da ta cancanci amsa. Ya ce me zai hana a jira la'asar, tunda an ce lokacinta yana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, sai a auna inuwa kawai babu ninki babu rabawa? Tunanin daidai ne: duk lokacin da inuwar gora ta yi daidai da gora, inuwar komai ta yi daidai da shi. Amma a ƙa'idar la'asar ana ƙara inuwar da ta rage lokacin zawali a kan tsawon abin. A ƙasar Kano a tsakiyar Fabrairu wannan ragowar ta kusa rabin tsawon abu, don haka da shigar la'asar inuwa ta kusa ninki ɗaya da rabi. Sai wajen ƙarshen Afrilu da ƙarshen Agusta, lokacin da rana ke bi ta tsakar ka a wannan yankin, shawararsa za ta yi aiki kai tsaye. A sauran shekara gora ce za ta faɗi lokacin, kuma a ranar darasinmu lokacin ya zo ne jim kaɗan bayan ƙarfe goma na safe. Ko a lokacin ma reshen yamma yana nan da mita huɗunsa.

Wajen rubuta sakamako wasu sun kwafo duk abin da kalkuleta ta nuna, 12.244897 da sauransu. Na sa suka goge. Awon da ke yawo tsakanin 11.8 da 12.2 ba shi da hurumin faɗar milimita. Abin da ya shiga littattafansu shi ne: tsawon darbejiya kimanin mita 12, da yiwuwar ƙari ko ragi da bai wuce rabin mita ba, reshen yamma kimanin mita 10.5; an auna da inuwa ƙarfe 8:15, an tabbatar da kwanon ruwa daga kudu. Aikin gida kuma tankin ruwan makaranta, wanda ƙafafunsa suka buɗe a ƙasa suka tsuke a sama, da sharaɗin kowa ya zana alwatikarsa ya nuna inda zai fara jan tef kafin ya taɓa tef ɗin.